Ku duba min rubutun nan: ciniki a Kwari, amma dariyar ƙarshe ta ƙi fitowa

Sadiq Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna son ɗaukar wani ɗan wasan barkwanci ranar Lahadi, minti ɗaya kacal, mai saye da mai shago suna cinikin shadda a Kantin Kwari. Na karanta wa abokaina biyu, ɗaya ya yi murmushi, ɗayan ya ce "sai me kuma?" Ga shi nan, ku faɗa min inda ya mutu.

MAI SAYE: Alhaji, nawa shaddar nan, yadi biyar?
ALHAJI: Dubu 60.
MAI SAYE: Dubu 20.
ALHAJI: Haba! Kawo 50.
MAI SAYE: 25.
ALHAJI: Kawo 40.
MAI SAYE: 30.
ALHAJI: To kawo, na sallama.
MAI SAYE: (ya laluba aljihu) Alhaji, a rubuta min bashi zuwa ƙarshen wata.
(Alhaji ya ɗauko sandar awo ya bi shi da gudu.)

KB Mai Dariya:
Wa alaikumus salam. Ai wannan ya yi, gyara kaɗan yake so. Ka sa Alhaji ya zabga masa mari kafin gudun, sannan ka ɗora sautin dariya a kai a CapCut. Kuma ka fara da gudun tukuna, sakan uku, sai ka dawo farkon labari. Mutane ba sa jira yanzu, in ba su ga abu a sakan ukun farko ba sun wuce.

Alhaji Habu na Kwari:
Sadiq, ɗana, ka taɓa tsayawa a shago kuwa? Wane ɗan kasuwa ne zai faɗo daga 60 zuwa 30 a numfashi uku? Duk wanda ya yi haka ai ya gaya wa mai saye cewa tun farko cutarsa ya so yi. Mu ba haka muke yi ba. In ka taya ƙasa da hankali, "albarka" kawai zan ce maka, ba zan sauko ko sisi ba. Ka ƙara, in sake cewa albarka. Sai na ga ka matso kusa, ko ka fara juya baya za ka tafi, sannan in ɗan rage maka, shi ma kaɗan, dubu biyar haka. Mai saye ne yake hawa da yawa, mai kaya yana saukowa da ƙyar. Kai ka sa su suna haɗuwa a tsakiya kamar sun yi shawara tun a gida.

Kuma babu gaisuwa, babu taɓa kaya. Mai sayen shadda sai ya shafa ta, ya ɗaga ta a haske, ya duba rubutun bakin yadi, wani ma ya shinshina. Naka mai sayen kamar katin waya ya zo saya.

Sadiq Fagge:
Baba Alhaji na gode, amma minti ɗaya ne da ni. In na sa gaisuwa da "ya iyali, ya kasuwa" ai lokacin ya ƙare.

Alhaji Habu na Kwari:
To cire gaisuwar, amma kar ka cire albarka.

Anti Bilki:
Sadiq, bari in fara da maganar KB, domin rabinta gaskiya ce. Eh, farkon bidiyo sai ya riƙe mutum. Amma in ka fara da gudun, ka riga ka nuna wa mai kallo ƙarshen, sauran sakan hamsin ɗin zaman jira ne kawai. Mari da sautin dariya kuwa, duk inda ka ga an jibga su, rubutun ne bai yi aikinsa ba ake rufewa.

Matsalarka biyu ce. Ta farko, lambobinka matakala ce miƙaƙƙiya: 60, 20, 50, 25, 40, 30. Tun daga ta uku mai kallo ya san inda za a tsaya, kuma babu abin da ya koya game da mutanen biyu. Wane ne wannan mai sayen? Me ya kawo shi? Ba mu sani ba. Ta biyu ita ce babba. Maganar bashin nan ba ta da saiwa a cikin wasan. Za ka iya cire ta ka liƙa a ƙarshen cinikin tumatir, ko na waya a Farm Centre, ko na rago a kara, ta zauna daram. Duk maganar ƙarshen da za ta iya zama a kowane wasa, ba ta wasanka ba ce, shi ya sa abokinka ya ce sai me kuma. Ga shi kuma an yi ta har an gaji, ita da ta alat na bogi.

Dariyar ƙarshe tana fashewa ne idan abin da ya faru ya ba mutum mamaki, amma da ya waiwaya sai ya ga tun farko yana gabansa. Ke nan ba a ƙarshe za ka nemo ta ba. Ka koma tsakiyar cinikin, ka nemo wata magana da ɗayansu ya faɗa da ƙarfin zuciya, wadda za a iya juya ta a kansa. Baba Alhaji, don Allah in tambaye ka. Idan mai saye ya ce maka ya ga irin kayanka da araha a wani layin, me kake ce masa?

Alhaji Habu na Kwari:
Abin da kowa yake faɗa mana. In ka samo irinta a wannan kuɗin, kawo min ni ma in saya.

Anti Bilki:
Shi ke nan, Baba ya rubuta maka wasanka. Sadiq ka gani?

Sadiq Fagge:
Anti ban gane ba tukuna. Sai ya tafi layin bayan ya sayo ya dawo? Ai wannan zai ci lokaci.

Anti Bilki:
Ba inda zai je. Tana hammatarsa tun da ya shigo. Shi ba mai saye ba ne, sayarwa ya zo yi.

KB Mai Dariya:
Kai! To wannan kam ta shige ni.

Maman Ihsan:
Salamu alaikum, don Allah wane shago ne ake ba da yadi biyar a dubu 30? Ina son in yi wa Baban Ihsan ta Sallah. Mai kyau ce ko irin wadda wanki ɗaya take koɗewa?

Nura Kyamara:
Maman Ihsan wasan kwaikwayo ne ake rubutawa, ba talla ba.

Maman Ihsan:
Au, to ku yi haƙuri, lambobin kawai na gani. Amma tunda kun zo nan, abin da Anti ta faɗa ai yana faruwa. Ni kaina in zan sayar da ɗan kunne ba na shiga in ce ga shi na kawo. Sai in fara tambayar nawa suke sayar da giram yau, in ji bakinsu, sannan in buɗe jaka. Duk da haka sai sun rage, su ce ai saye daban sayarwa daban. Mata da yawa za su gane wasan nan tun kafin ya ciro ledar.

Anti Bilki:
Wannan da kika faɗa ya ƙara min ƙarfin gwiwa, Maman Ihsan, domin yana nufin dabarar ba daga sama ta faɗo ba, mutane sun san ta a rayuwa. Ga yadda zan rubuta shi. Sadiq kar ka ɗauka dole ne, ka gyara da bakin 'yan wasanka.

(Mai saye ya shigo, baƙar leda a hammatarsa. Ya shafa shaddar da ke kan tebur.)
MAI SAYE: Alhaji, wannan nawa yadi biyar?
ALHAJI: Ka iya zaɓe. Dubu 60.
MAI SAYE: (ya shinshina ta, ya yatsina fuska) Anya ba ta zuba? Dubu 25.
ALHAJI: Albarka.
MAI SAYE: 30.
ALHAJI: Albarka. Ko kuɗin sarinta ba ka kai ba. Don kai ne, kawo 55.
MAI SAYE: A layin baya 35 aka ce min.
ALHAJI: Irin wannan? Je ka samo ta ko a 45 ne, ka kawo min, ni zan saya.
MAI SAYE: 45?
ALHAJI: Lakadan, nan take.
MAI SAYE: (ya juya wajen maƙwabci) Malam, ka ji ko?
MAƘWABCI: Na ji.
(Mai saye ya zare ledar, ya ajiye shadda iri ɗaya sak kusa da ta Alhaji.)
MAI SAYE: Bismillah.
(Shiru. Alhaji ya ɗauka, ya shinshina, ya yatsina fuska.)
ALHAJI: Anya ba ta zuba? Dubu 25.
MAI SAYE: Albarka.

Ka lura da abubuwan da aka dasa. Ledar tana cikin hoto tun sakan na farko, amma babu wanda ya yi maganarta. Shinshinawa da yatsina fuska da "anya ba ta zuba" da lambar 25 duk mai saye ne ya fara yin su, a farko, lokacin da mai kallo yake ɗaukar su a matsayin kushen da kowa ke yi don a rage masa. "Albarka" kuma Alhaji ya faɗe ta sau biyu, don ta zauna a kunne a matsayin kalmarsa. A sakan goman ƙarshe babu sabuwar magana in ban da Bismillah, bakuna kawai aka musanya. Dariyar a nan take.

Lissafin lokaci kuma: daga shigowa zuwa albarka ta biyu kamar sakan 20. Daga "don kai ne" zuwa "na ji" wani sakan 20 ɗin. Zare leda da ajiyewa sakan 5. Shirun Alhaji sakan 3 cif, kar ka ji tsoronsa. Sauran maganganu biyun sakan 5. Ka ga ba ka kai minti ɗaya ba ma, kana da ɗan sarari.

Isuhu Maraɗi:
Anti sannu da aiki, wagga ta yi kyau. Tambaya gare ni, don mi 45? Da ya ce 35 ɗin da mai saye ya ambata ai ya fi sauƙi.

Anti Bilki:
Da ya ce 35, mai saye ne ya sa masa lambar a baki, sai ya zama an yi masa tarko ne kawai, har a ɗan tausaya masa. Amma da shi da kansa ya ɗaga zuwa 45 don cika baki, shi ya haƙa ramin. Mai kallo ya fi jin daɗin ganin mutum ya faɗa ramin da ya haƙa da hannunsa. Sannan 45 tana ƙasa da 55 da ya nema, wato in da gaskiya yake faɗa, ribar dubu goma ce ta shigo masa har shago. Ƙin sayen da ya yi shi ya tona cewa ba haka kuɗin yake ba, ba tare da kowa ya furta hakan ba.

Alhaji Habu na Kwari:
To a nan ne ba mu shirya da ke ba, Bilki. Kin mai da mu maƙaryata. Ɗan kasuwa yana da dalilin da zai ƙi saye a 45 ko da kayan sun kai. Ni a dila nake sarowa, kuɗin da nake samun yadi a dila daban ne da na wanda ya yanki biyar. Sannan wanda ya shigo min da yadi a leda, na san daga ina ya samo? Ko na sata ne? Ko jabu ce aka buga mata tambarin Getzner a baki? Irin wannan ta cika gari, sai wanda ya san hannu yake bambancewa. In na rage masa ba cuta ba ce, kasada nake saye.

Maman Ihsan:
Baba Alhaji ai to sai a daina cewa kawo min in saya.

Alhaji Habu na Kwari:
Wannan maganar baki ce, kowa ya san ba alkawari ba ne.

Anti Bilki:
Baba, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, kuma wasan bai ƙaryata shi ba. Shi ma mai sayen ai ba waliyyi ba ne, ya zo da yaudara, ya kushe kayan da irinsu ke hammatarsa, ya ƙirƙiro wani farashin layin baya. Su biyun wasa ɗaya suke bugawa, kujera kawai suka canja. Abin da ake wa dariya shi ne kowa kushe yake in zai saya, yabo yake in zai sayar. Da na sa Alhaji ya ce "kai ɓarawo ne", ko mai saye ya ce "ashe ƙarya kake", da na ɗauki ɓangare, kuma da dariyar ta tsere.

Alhaji Habu na Kwari:
Na ji. Amma har yanzu ni dai da an ba Alhajin maganar ƙarshe.

Nura Kyamara:
Wannan ita ce tambayata ma, a ina za a yanke? Ina ganin wurare uku. A kan "Bismillah", a kan "dubu 25" ta Alhaji, ko a kan "albarka". Ni da zan tace, a kan "dubu 25" zan yanke. A nan dariya take fashewa, kuma in mutane suna dariya ba za su ji kalmar da ta biyo baya ba. Na sha ganin haka, a yi magana mai kyau ta nutse a ƙarƙashin dariyar da ta gabace ta.

Anti Bilki:
Wannan matsalar dandali ce, Nura, inda mutum ɗari suke dariya a ɗaki ɗaya. A waya mutum shi kaɗai ne, huci yake ta hanci, zai ji. Kuma in ka tsaya a "dubu 25" musanyar rabi ce, Alhaji ya zama mai saye amma ɗayan bai zama mai kaya ba. Kalma ɗaya ce take rufe ta. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ƙara komai bayanta. Ba kallon kyamara, ba kama kai, ba maƙwabci ya ce "kai jama'a". Yana cewa albarka, rabin sakan, hoto ya ɗauke.

Nura Kyamara:
Zan ɗauki duka, in tace iri biyu, a gwada. Ban sallama ba tukuna.

KB Mai Dariya:
Ni dai ko ba mari, a bar Alhaji ya faɗi sumamme. Ko hularsa ta faɗo. Wani abu dai na jiki, saboda akwai masu kallo ba sauti.

Anti Bilki:
Masu kallo ba sauti kam akwai su, ka yi gaskiya. Amma maganinsu rubutu ne a ƙasan hoto, da kuma shinshinawar nan. Ita ce abin jikin da kake nema. In ɗan wasan farko ya yi ta da wata alama tasa, misali ya shinshina sau biyu ya ɗaga gira ɗaya, Alhaji kuma ya maimaita ta sak, ko kurma zai yi dariya. Suma ba ta cikin halin Alhajin nan. Mutum ne da ko an kama shi ba zai nuna an kama shi ba, shi ya sa ya koma ciniki kamar ba abin da ya faru.

Ustaz Ɗan Gwale:
Ina bin ku tun ɗazu. Abu ɗaya zan roƙa, na san in an zo ɗauka ɗan wasa zai ƙara "wallahi tallahi" a wurin lakadan ɗin nan, don haka bakinmu ya saba. Kar a bari. Sunan Allah ne, kuma a wasan ma an shirya maganar ta zama ba a cika ta ba. Mutane za su bar dariya su koma faɗa a ƙarƙashin bidiyon.

Sadiq Fagge:
Gaskiya Ustaz na yi niyyar sawa, don in ƙara wa alkawarin nauyi.

Anti Bilki:
Aikin maƙwabcin ke nan, Sadiq. Shaida ya maye gurbin rantsuwa. Da zarar wani ya ce "na ji", Alhaji ba shi da hanyar cewa ban faɗa ba. Kuma tambayar "Malam, ka ji ko?" tana yin wani aikin, tana sa mai kallo ya ɗan tsargu, ya ce me wannan yake shiryawa, sakan biyu kafin leda ta buɗe. Kana son ya tsargu a wannan lokacin, ba kafinsa ba.

Ustaz Ɗan Gwale:
To Bismillah ɗin fa?

Alhaji Habu na Kwari:
Haba Ustaz, wannan ai ita muke faɗa in mun miƙa wa mutum abu ko mun ba shi wurin zama. Ba rantsuwa ba ce.

Ustaz Ɗan Gwale:
Ban ce haramun ba ne. Da "ga ta" aka ce da hankalina ya fi kwanciya, shi ke nan.

Sadiq Fagge:
Zan gwada duka biyun a bakin ɗan wasan. Nura, maganar ledar fa? Ina tsoron ko a gane da wuri, ko kuma a ƙi lura da ita sam.

Nura Kyamara:
Duka biyun suna faruwa, kuma ta kyamara ake kashe su. Bidiyon tsaye ne, firam ɗin siriri, in ka matso fuska ledar ta fita. Don haka ɗaukar farko ka ja baya, daga gwiwa zuwa kai, yana shigowa ana ganinta a hammata. Bayan nan ka matso, amma ka bar gefenta yana leƙowa a ƙasan hoto. Kar ka taɓa ɗaukarta ita kaɗai, kar ɗan wasan ya riƙa gyara ta ko kallonta. Baƙa ce dole, ba fara mai nuna ciki ba, kuma a naɗe shaddar ta yi lafe, ta yi kama da kowane saƙo da mutum ke yawo da shi a kasuwa.

Gwajin mai sauƙi ne. In kun tace, ka nuna wa wanda bai san labarin ba, ka tsayar daidai "na ji", ka tambaye shi me zai faru. In ya ce zai ciro shadda, ka nuna ledar da yawa. In kuma bayan ya gama kallo ya ce daga ina ta fito, ba ka nuna ta yadda ya isa ba. Wanda kake nema shi ne wanda zai koma farko da kansa don ya duba ko da gaske tana nan.

Launi kuma: ku guji fara. Farar shadda tana ƙyalli, waya tana ƙona ta a haske, zanen ya ɓace, ba za a ga iri ɗaya ba ce. Ku nemi shuɗiya ko ruwan ƙasa mai manyan zane. Lokacin da ya ajiye ta, ɗauka guda daga sama, biyun gefe da gefe, sakan ɗaya da rabi. In mai kallo bai yarda iri ɗaya ba ce, komai ya rushe, sai ya ce ai Alhaji yana da gaskiya.

Isuhu Maraɗi:
Ku rubuta kuɗɗin bisa hoto da alamar naira don Allah. Mu nan da dala da jika muke ƙirga, dala sefa 5, jika sefa 1000, in an ce 25 ko 45 tsirara sai mutum ya tsaya lissafi, kahin ya gama an wuce shi. Kuma mutanenmu da yawa Kwari suke sari, za su kalla.

Nura Kyamara:
Shawara mai kyau, kuma tana da wani amfanin. In "₦25,000" ta fito a hoto a farko, ta sake fitowa a ƙarshe da launi ɗaya a wuri ɗaya, ido zai gane maimaicin tun kafin kunne.

Maman Ihsan:
Ni abin da ya dame ni, me ya sa yake sayar da ita? Ba za a faɗa ba?

Anti Bilki:
Ɗan wasan ya sani, mai kallo ba sai ya sani ba. Ka gaya masa, Sadiq, cewa maigidansa ne ya yi masa kyautar Sallah, shi kuma kuɗin haya ya fi damunsa. Wannan zai sa ya buga shi a natse, kamar wanda ya kwana yana shirya abin, ba kamar ɗan iska ba. Amma in ka sa bayanin a baki ka ci sakan shida, kuma duk inda ka ajiye shi ɓarna zai yi. A gaba ya tona asiri, a baya ya tsawaita wasan bayan ya ƙare.

Kuma kar ku mai da shi baƙauye mai karyayyar hula. Mai kallo ya saba in ya ga baƙauye a wasa, ko dai wawa ne ko kuma mai wayon da zai ba da mamaki, ya riga ya shirya wa duka biyun. Ku sa masa kaftani mai tsafta, ya yi kama da ma'aikacin da ya karɓi albashi.

KB Mai Dariya:
A sa shi Bazazzagi mana, Alhaji Bakano. Wasan da ke tsakaninsu kaɗai zai jawo sharhi dubu.

Sadiq Fagge:
Ka san in Bazazzagi ya ci Bakano a Kwari ba zan iya komawa Fagge ba.

Alhaji Habu na Kwari:
Ba a shagona ba kam.

Nura Kyamara:
Tunda an ambaci shago, Sadiq kar ka ce za ka ɗauka a tsakiyar kasuwa da rana. Ƙarar janareta da 'yan dako da masu baro za su cinye shirun sakan ukun nan, kuma shi ne ƙashin bayan wasan. Yara ma za su taru suna leƙen kyamara. Ko dai da sassafe kafin layi ya cika, da izinin mai shago, ko ku jera yadi a kanta a wani shagon unguwa, firam ɗin siriri ne babu mai ganewa. Ƙaramin makirfo na maƙalawa a wuyan riga guda biyu, in babu, a sa waya ta biyu a ƙarƙashin tebur tana naɗar sauti. Kuma ku tsaya ƙasa da sakan 60. Da status na WhatsApp sakan 30 yake ɗauka, a 2024 aka kai shi minti ɗaya, in kun zarce abin da wayar mutum ke ɗauka sai ta datse daidai inda ake buƙata.

Sadiq Fagge:
Na rubuta duka. Saura abu ɗaya, shadda biyu iri ɗaya. Ba ni da kuɗin sayen ko ɗaya. Baba Alhaji, a taimaka mana da aron yadi goma a yanka biyu?

Alhaji Habu na Kwari:
In na yanka goma biyu, wanda ya zo neman ta babbar riga fa? Ba za a yanka ba. Akwai wata shuɗiya da ta rage min biyar biyar, ka zo ranar Asabar bayan la'asar ka gani. Amma a shagon ɗan uwana na unguwa za ku ɗauka, yarona zai tsaya a kai, kuma duk wanda ya shinshina ta da man baki ya saya.

KB Mai Dariya:
Nawa za ka sallama in hakan ta faru?

Alhaji Habu na Kwari:
Ka fara ɗaga hannu in ga hammatarka tukuna.